Rijistar aiki: sauya asusun banki da sanar da sashen kuɗi na babban abokin cinikinmu

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Sabon banki ya gama buɗe mana asusu, an ba mu lamba, an ɗora masu sa hannu biyu. Shugabanni sun tsayar da Litinin 3 ga Maris a matsayin ranar da kuɗi za su fara shiga can. Tsohon asusu zai zauna a buɗe har ƙarshen Afrilu. Masu biyanmu suna da yawa, amma wannan rijista ta abokin ciniki ɗaya ce, wanda mafi yawan kuɗin da ke shigo mana duk wata daga gare shi suke, kuma sashen kuɗinsa ya fi na kowa tsauri. Idan tsarin ya wuce a wurinsu, sauran za mu bi su da shi.

Matsalar da na ajiye a gaban manajan kuɗi yau ita ce: wasiƙar da za mu rubuta ta gaskiya da wadda ɗan damfara zai rubuta da sunanmu, kalma ɗaya ba ta raba su. Duk biyun za su ce mun sauya banki, ga sabuwar lamba, a daina biya a tsohuwar. Tambarin kamfani, hatimi, sa hannun darakta, duk ana kwafe su daga kowace tsohuwar takardarmu cikin 'yan mintuna. Saboda haka ba ƙawata wasiƙa ne aikin ba. Aikin shi ne mu shirya wa akantocinsu hanyar da za su tabbatar da maganarmu ba tare da sun dogara da wasiƙar kanta ba.

Manaja ya ce ai sun san mu, shekara da shekaru muna tare. Na tuna masa da shari'ar Evaldas Rimasauskas, ɗan ƙasar Lituweniya, wanda tsakanin 2013 da 2015 ya yi rijistar kamfani da suna irin na Quanta Computer, mai sayar wa Google da Facebook kayan kwamfuta, ya riƙa aika musu takardun neman biya na bogi har suka tura masa sama da dala miliyan 100. A 2019 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 5. Ba baƙo ya zo musu da shi ba, sunan wanda suka saba biya ya ara. Sanayyar ita ce jarinsa. Hukumar FBI kuma ta ce ƙorafin da ta karɓa a 2023 kan irin wannan damfara ta imel ɗin kasuwanci ya haura asarar dala biliyan 2.9.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na kira shugabar sashen kuɗinsu kafin in rubuta komai, a lambar ofis da ke cikin kwantiraginmu. Tambaya ɗaya na yi: "Hajiya, idan mai kawo muku kaya ya sauya banki, me kuke buƙata, kuma wa ke amincewa?"

Ashe suna da fom nasu, kuma ba sa karɓar sauyi sai a kansa. Akawu ɗaya ne ke shigar da sabuwar lamba a kundin masu kawo kaya, wani dabam ya amince, kuma wanda ya shigar ba ya cikin masu sakin kuɗi. Suna biya sau ɗaya a ƙarshen wata, suna rufe kundin ga duk wani gyara daga ranar 20. Wannan rana ta 20 ita ce ainihin wa'adinmu, ba 3 ga Maris ba. Idan sauyin bai shiga kafin 20 ga Maris ba, biyan Maris tsohon asusu zai tafi, kuma babu laifi, tunda a buɗe yake. Wannan shi ne amfanin barin tsohon a buɗe: babu wanda zai ji dole ya yi gaggawa, kuma duk wanda ya zo musu da gaggawa da sunanmu, sun san ba mu ba ne.

Ta ce, "Malam, kada ka ji haushi idan yarana suka yi maka tambayoyi kamar ba su taɓa jin sunanka ba." Na ce abin da muke so ke nan.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Kafin wasiƙa ta fita, mai kula da kwamfutocinmu ya duba gidanmu tukuna. Idan ɓarawo yana zaune cikin akwatin imel ɗinmu yana karantawa, sanar da sauyin banki daidai yake da ba shi ranar da zai yi aiki.

Ya duba akwatin duk wanda ke hulɗa da kuɗi, ya nemi dokar tura saƙo waje wadda mai akwatin bai san da ita ba, da dokar da ke kwashe duk saƙon da ya ambaci biya ko asusu zuwa wata jaka da ba a buɗewa. Wannan ita ce dabarar da suka fi yi: amsar abokin ciniki ta shigo, ta ɓace daga idon mai akwati, ɓarawo ya karanta ya amsa a madadinsa. Ya duba tarihin shiga, ko an shigo daga wata na'ura ko ƙasa da ba a sani ba. Bai ga komai ba. An tilasta tabbatarwa ta biyu a waya, bayan kalmar sirri, ga kowa, har daraktan da ya daɗe yana zillewa.

Ya kuma tsaurara dokar da ke gaya wa sauran masu karɓar imel abin da za su yi da saƙon da ya zo da adireshinmu alhali ba daga wurinmu ya fito ba. A da tana kan `p=none`, wato a lura kawai. Yanzu ta koma `p=reject`, wato a ƙi karɓar saƙon:

```
_dmarc.kamfani.example  TXT  "v=DMARC1; p=reject; rua=mailto:rahoto@kamfani.example"
```

Ya ja kunnena cewa wannan yana tare wanda ya yi amfani da adireshinmu sak ne kawai. Wanda ya sayi sunan adireshin intanet mai kama da namu, wannan doka ba ta san da zamansa ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mun raba sanarwar gida biyu. Ta farko ba ta ɗauke da lambar asusu ko kaɗan. Aikinta shi ne ta kafa doka tun kafin lamba ta bayyana. Ga abin da ta ƙunsa, bayan gaisuwa:

"Muna sanar da ku cewa daga 3 ga Maris, 2025, za mu koma karɓar kuɗi a sabon asusu. Ba za mu aiko da lambar asusun ta imel, ko saƙon waya, ko ta kira ba. Za ta zo muku a kan fom ɗinku, da sa hannun daraktocinmu biyu waɗanda sunansu ke cikin kwantiraginmu, tare da takardar shaida daga bankin, ma'aikacinmu zai kawo hannu da hannu. Kafin ku shigar da ita, ku kira mu a lambar wayar da kuke da ita a kundinku tun da, ba wadda ke jikin wata takarda ko saƙo ba, har da wannan. Tsohon asusunmu yana aiki har 30 ga Afrilu, saboda haka babu gaggawa. Sunan da ke kan sabon asusu shi ne cikakken sunan kamfaninmu na rijista, babu ƙari babu ragi. Sauyi ɗaya ne. Duk saƙon da ya ce an gyara lamba, ko a biya a wani asusu na wucin gadi, ba daga gare mu yake ba, ku dakatar da biya ku kira mu."

An yi gardama kan jumlar "har da wannan". Sakatariya ta saba sa lambar waya a ƙasan kowace wasiƙa ta ce a kira don ƙarin bayani. Amma lambar tabbatarwa da ke jikin takardar da ake son tabbatarwa ba ta da amfani. Kamar baƙo ne ya ce shi ɗan gida ne, aka nemi shaida, ya ce a tambayi abokin tafiyarsa. Mun bar lambar da ke cikin tambarin takarda, tunda a buge take, amma jikin wasiƙar ya ce kada a yi aiki da ita.

Wasiƙar ta tafi ta imel daga adireshin da muka saba aika musu takardun neman biya, zuwa mutum uku: shugabar sashe, akawun da ke riƙe da fayil ɗinmu, da jami'in sayayya da muke hulɗa da shi kullum. Da gangan muka haɗa da na ukun. Shi ba ya taɓa kuɗi, amma ya san muryoyinmu, kuma ɓarawo ba ya son shaida ya yi yawa. Kwafi a takarda ya bi baya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Banki ya ba da takardar shaida: sunan asusu, lamba, reshe, da ranar buɗewa. Na nemi su rubuta sunan jami'in da za a iya samu ta babban layin bankin. Ita ma wannan takarda ana iya ƙirƙirarta, ƙarfinta kawai shi ne akwai wuri na uku da za a je a tambaya.

Akwai takardun neman biya uku da muka riga muka aika, suna ɗauke da tsohuwar lamba a ƙasa, kuma wa'adin biyansu zai faɗo bayan 3 ga Maris. Ba za mu sake buga su ba. Takarda biyu masu lamba ɗaya da asusu daban-daban ita ce ƙofar biya sau biyu, kuma ita ce siffar takardar bogi. Mun jera lambobinsu a jikin fom, muka rubuta cewa ranar biya ce ke yanke asusun da za a tura, ba abin da ke buge a takardar ba, kuma idan aka biya su a tsohon kafin ƙarshen Afrilu mun karɓa.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Da hantsi akawun da ke riƙe da fayil ɗinmu ya kira layin ofis. "Ranka ya daɗe, ba kun ce lamba ba za ta zo ta imel ba? To ga ta ta zo."

Ban ce ya turo mini yadda aka saba turawa ba, domin hakan yana goge bayanan kan saƙo. Na ce ya haɗo asalin saƙon a matsayin fayil. Na buɗe tare da mai kula da kwamfuta.

Wanda ya rubuta ya yi aiki. Saƙon yana cikin zaren hirarmu ta gaske, da wasiƙarmu ta 11 ga wata a ƙasansa, kalma da kalma. Sunana ne a sama, salon gaisuwata ne, sa hannun ƙasa irin nawa. Ya ce, kamar yadda muka sanar, ga sabon asusu, amma masu binciken kuɗi sun dakatar da tsohon kafin lokaci, don haka a biya takardu uku da ke jira a wannan makon. Ya kawo lambobin takardun daidai, da adadin kuɗinsu daidai. Har ya ƙara da cewa ina cikin taro kwana biyu, a kira wata lambar hannu idan ana son tabbatarwa.

Ga abin da ke kan saƙon:

```
From: Sashen Kudi <kudi@karnfani.example>
Reply-To: kudi.kamfani@wasiku.example
```

Namu `kamfani` ne da `m`. Nasa `karnfani` ne, `r` da `n` a manne, waɗanda a ƙaramin rubutun waya ba ka raba su da `m`. Akawun ya ce sai da ya faɗaɗa allon sosai ya gani, kuma bayan na faɗa masa ne. Layi na biyu shi ne inda amsa za ta tafi idan aka danna maɓallin amsawa, wani akwati dabam ke nan gaba ɗaya. Da muka duba rijistar sunan, ranar 12 ga Fabrairu aka saye shi, washegarin sanarwarmu. Gwajin DMARC kuwa, irin dokar nan da muka tsaurara a namu, ya ci shi lafiya lau, domin sunansa ne na kansa, ya tsara shi daidai. Alamar "an tabbatar" a akwatin imel tana nufin saƙon ya fito daga inda ya ce, ba ta nufin wurin namu ne.

Abin lura shi ne ba harafin ne ya ceci kuɗin ba. Akawun bai ga harafin ba. Abin da ya gani shi ne saƙo ya karya abubuwa uku da wasiƙar farko ta ce ba za mu yi ba: lamba ta imel, gaggawa, da sabuwar lambar waya. Ba za ka iya koya wa kowane akawu ya zama mai binciken adireshi ba, a ranar da takardu ɗari ke gabansa. Amma za ka iya ba shi doka gajera wadda ɓarawo dole ne ya karya kafin ya ci riba.

Na ce ya dakatar da duk biya da sunanmu, kada ya amsa saƙon, kada ya kira lambar, kada ya goge komai.

Talata, 18 ga Fabrairu

Tambayar yau: ta ina ya karanta wasiƙarmu? Mutum shida ne kawai suka gan ta, uku a nan, uku a can. An sake tone akwatunanmu, babu komai. Da yamma shugabar sashensu ta kira, ta ce masu kwamfutarsu sun gano. Akwatin da sashen ke amfani da shi tare, wanda takardun neman biya na kowa ke shiga, har da wasiƙarmu ta 11 ga wata, an sa masa dokar tura kwafin duk saƙon da ya ƙunshi kalmar asusu ko banki zuwa wani adireshi na waje. Kalmar sirri ɗaya mutane da yawa ke shiga da ita, babu tabbatarwa ta biyu. Dokar ta girmi sanarwarmu. Yana zaune ne yana jiran ranar da wani mai kawo kaya zai ce ya sauya banki.

Wannan ya sa dole in sake duba shawarar raba sanarwa biyu. Gaskiya ne wasiƙar farko ita ta ba shi dama, ta gaya masa ana jiran sabuwar lamba. Manaja ya faɗi haka, kuma yana da hujja. Amma da mun aika komai a saƙo ɗaya da lambar a ciki, ta wannan akwatin za ta bi, shi kuma sai ya biyo bayanta da "gyara", ko ya ɓoye tamu ya saka tasa a gurbinta, a lokacin da babu wata doka a hannun akawu da za ta sa ya ɗaga waya. Na fi son ɓarawo ya san ana sauyi, akanta ma ya san ƙa'idar sauyin, da a ce ɓarawon kaɗai ne ya sani.

Sun kai rahoto ga bankin da asusun bogin yake, da hukumar 'yan sanda. Mu kuma mun kai ƙarar sunan ga kamfanin da ya yi masa rijista, muka sa mai kwamfuta ya toshe shi a akwatunanmu. Mun kira sauran masu biyanmu ɗaya bayan ɗaya, tunda mai `karnfani` ba zai tsaya kan mutum ɗaya ba. Daga yau duk maganar wannan sauyi da babban abokin cinikinmu ta waya ce ko a takarda, har su tsabtace akwatin.

Na rubuta wa kaina a gefe abin da za a yi da a ce kuɗin sun fita, don a sa a littafin aiki. Wanda ya biya shi ne zai kira bankinsa nan take, ya ce damfara ce, ya nemi a dawo da kuɗin a kuma tuntuɓi bankin da ya karɓa ya riƙe asusun. Mu ba mu da ikon neman haka, ba kuɗinmu ne suka fita ba. Irin waɗannan asusu ba sa kwana da kuɗi, ana rarraba su ne da zarar sun sauka, don haka awanni ake magana. Bayan nan sai rigimar da ba mai so: mu muna bin bashi ba a biya mu ba, su suna cewa sun biya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ma'aikacinmu ya kai fom da takardar banki, a ambulan a rufe, ya miƙa wa shugabar sashe a hannu, ta sa hannu a littafin karɓa. Kundinsu ya rufe yau, don haka biyan Fabrairu tsohon asusu zai shiga. Babu wanda ya damu.

Talata, 25 ga Fabrairu

Kiran tabbatarwa. Su suka kira, a lambar da ke kundinsu, ta teburin karɓar baƙi, suka nemi a haɗa su da manajan kuɗi, ba ni ba, tunda ni na shirya fom ɗin. Dole su ne za su kira. Lambar da ke bayyana a allon waya idan kira ya shigo ana iya ƙirƙirarta, murya ma yanzu ana kwaikwayonta, saboda haka kira mai shigowa ba hujja ba ne ko da sunanmu ya fito a kai.

Yadda akawun ya yi tambayar ya burge ni. Bai karanto lambar ya ce "haka ne?" ba, domin wanda aka karanto wa lamba goma yana iya cewa e da rabin hankali. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, karanto mini lambar, da sunan asusu, da sunan banki." Manaja ya karanto daga takardar banki, shi yana dubawa a fom. Sannan ya tambayi abin da babu shi a imel ɗin da aka sace: lambar kwantiragin farko da muka yi da su. Ya rubuta rana, lokaci, lambar da ya kira, da sunan wanda ya amsa, a bayan fom.

Sun kuma gwada lambar a manhajar bankinsu don su ga sunan da zai fito. Ba ko'ina ake da wannan ba. A Birtaniya manyan bankuna sun fara shi a 2020, a wasu ƙasashen kuma tun da daɗewa sunan mai asusu ke fitowa kafin a tura. Inda yake, yana kama ɓarawon da ya ba da asusun wani mutum ko wani kamfani dabam. Ba ya kama wanda ya yi wahalar buɗe asusu da suna mai kama da naka, kamar yadda aka yi da sunan Quanta. Shi ya sa wasiƙarmu ta ce babu ƙari babu ragi. Sunan ya fito daidai, harafi da harafi.

Wani daga cikinsu ya kawo maganar lambar IBAN da ake amfani da ita wajen biyan ƙasashen waje, ya ce ai ita akwai hanyar gwada ta. Akwai. Ana ɗauke haruffa huɗu na farko a mayar ƙarshe, a mayar da kowane harafi lamba, a raba da 97, idan ragowar ta zama 1 to lambar ta tsaru. Amma abin da wannan ke kamawa kuskuren bugawa ne. Asusun ɓarawo ma asusu ne na gaske, zai ci gwajin sarai.

Litinin, 3 ga Maris

An shigar da lambar a kundinsu, mutum na biyu ya amince. Manhajarsu ta aika mana sanarwa cewa an sauya bayanan bankinmu, zuwa adireshin da yake kundin kafin sauyin. Wannan ƙaramin abu ne mai tsada. Ɓarawo mai wayo yakan fara da neman a sauya adireshin imel ko lambar wayar mai kawo kaya, abin da ba wanda ke ɗauka da zafi, ya bar makonni su wuce, sannan ya nemi sauyin banki. Idan an zo kiran tabbatarwa a "lambar da ke kundi", tasa ce a ciki. Na roƙi shugabar sashe su ɗauki duk sauyin lambar waya ko adireshi da sunanmu da nauyi ɗaya da sauyin asusu. Ta ce ta riga ta sa a duba wane mai kawo kaya ne aka taɓa wa lambar waya tun daga lokacin da aka sa dokar nan a akwatinsu.

Takardun neman biya da za su fita daga yau suna ɗauke da sabuwar lamba, da layi ɗaya a ƙasa: ba ma sauya bayanan banki ta imel.

Alhamis, 6 ga Maris

Biyan gwaji. Sun tura ɗan ƙaramin kuɗi, adadi mai ɓarɓashi wanda su suka zaɓa ba su faɗa wa kowa ba. Da ya sauka, suka kira ta teburin karɓar baƙi, manaja ya faɗa musu nawa ne da lambar shaidar tiransifar. Za a cire shi daga biyan ƙarshen wata.

Mutane suna ba wannan gwaji girman da ya fi nasa. Abin da yake nunawa kawai shi ne wanda ka tambaya yana ganin cikin asusun. Idan ɓarawo ka tambaya ta imel ɗinsa, zai duba asusunsa ya faɗa maka adadin daidai har da godiya, kai kuma ka saki sauran hankalinka kwance. Sai an haɗa shi da kira a tsohuwar lamba yake zama hujja.

Litinin, 31 ga Maris

Biyan Maris ya shigo sabon asusu. Na daidaita shi da takardu uku da ke jira, an cire kuɗin gwaji, lissafi ya tashi daidai. Na kira akawunsu na shaida masa ranar da kuɗin suka sauka, ban jira ƙarshen mako ba. Watannin nan na farko haka za mu riƙa yi, kuma idan kwana biyu suka wuce ranar biya ba mu ga kuɗi ba, mu za mu kira, ba za mu ɗauka jinkiri ne kawai ba. Sau da yawa ba a gane an karkatar da kuɗi sai mai bin bashi ya gaji da jira ya yi magana, lokacin an yi wata guda.

Sunan `karnfani` ya daina aiki a makon jiya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Wani ƙaramin biya daga gare su ya faɗa tsohon asusu. Ba damfara ba ce. Wani reshensu ne da ke sayen kaya a wurinmu jefi-jefi, ashe yana da rijistarmu ta biyu a kundin, da wata lambar mai kawo kaya dabam, an rubuta sunanmu a taƙaice. Gyaran 3 ga Maris bai taɓa ta ba. Shugabar sashe ta ce ba za ta kwafi lambar daga rijista ta farko ta zuba a ta biyu ba, rufe ta biyun za ta yi gaba ɗaya, reshen ya koma amfani da ta farko.

Na nemi manaja a ɗaga rufe tsohon asusu zuwa 30 ga Mayu, don mu ga biya biyu a jere sun wuce ba abin da ya ɓata hanya. Ya amince. Tunda wasiƙarmu ta 11 ga Fabrairu ta ce 30 ga Afrilu, kuma ta ce duk wani gyara abin zargi ne, wannan ƙarin wa'adi ma ba zai tafi ta imel ba. Takarda ce da sa hannun daraktoci biyu, ma'aikacinmu zai kai ranar Laraba, su kuma su kira.